Ranar da Wayar Malam Shitu Ta Yi Magana

Ruwa ya kwana yana zuba a Gozaki, bai ɗauke ba sai bayan asuba. Da hantsi gari ya washe, rana ta fito fes, babu iskar da za ta kaɗa ko ganye ɗaya. Duk manomi ya san irin wannan rana. Ƙasa da laima, ciyawa ta ɗago kai, sama ba alamar hadarin da zai wanke magani. Ranar feshi ce, ana jira ganye ya sha iska kawai.

Ina zaune a bencin da ke ƙarƙashin darbejiya, gaban shagon Malam Shitu mai maganin gona, inda na saba zama tun da gwiwa ta hana ni zuwa gona mai nisa. Ni da Shitu taubasai ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka shiga firamare. Ni na tsaya a aji uku, shi ya kai ƙarshe, har ya yi aiki a kamfanin gurzar auduga a Funtuwa kafin ya dawo gida ya buɗe shago.

Shekara ashirin da wani abu yana sayar da maganin ciyawa da na ƙwari. Manoman yankinmu ba sa karanta rubutun da ke jikin kwalba, don da Turanci yake. Mutum zai zo ya ce masarata ta yi sati uku, ciyawa ta taso. Shitu ya miƙo kwalba ya faɗi yawan da za a zuba a tanki, shi ke nan. Maganin ciyawa kuwa iri biyu ne a bakinmu. Akwai mai zaɓe, wanda ke kashe ciyawa ya bar masara. Akwai mai kashe duka, wanda ake fesawa kafin shuka, don duk wani kore da ya taɓa sai ya mutu. Tsakanin waɗannan biyun babu abin da ke tsaye sai idon Shitu.

To, idon ne ya fara tafiya. Ciwon suga ya taɓa shi, aka kai shi asibiti a Funtuwa, likita ya ce tabarau ba zai yi wani abin kirki ba. Yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma rubutu sai ya zame masa kamar tururuwa cikin ruwa. Ba wanda ya sani sai iyalinsa da ni.

'Yarsa Najiba, wadda ke aikin jinya a Funtuwa, ita ta zo ta zauna da wayarsa wata Juma'a, ina wurin. Ta shiga inda ake gyara saitin waya ta ƙara girman rubutu har ƙarshe, ta sa shi ya yi kauri. Ta mayar da fuskar wayar baƙa, rubutun ya zama fari tas, ta ce haka ido ya fi rarrabewa. Ta nuna masa yadda zai ɗauki hoton kwalba ya buɗa yatsu biyu a kan hoton har sunan maganin ya cika fuskar wayar, don girman rubutun da ta ƙara ba ya shafar abin da ke cikin hoto. Shitu ya ji daɗin wannan ƙwarai.

Sai ta ce, "Baba, saura abu ɗaya. Danna maɓallan ƙara murya da rage murya tare, ka riƙe kaɗan."

Ya danna. Sai muryar mace ta fito daga wayar tana Turanci.

Najiba ta ce, "Wannan ita ke karanta wa mutum abin da ke fuskar waya. In tana kunne, taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai, faɗa maka kawai za ta yi abin da ka taɓa. In shi kake so, sai ka buga sau biyu da sauri. In ka ja yatsa ɗaya zuwa dama, ta wuce abu na gaba. Ba ta iya Hausa ba, da bakin Turawa take karanta ta, amma na rage mata sauri, kunne zai saba."

Ta sa shi ya gwada har la'asar. Ya iya kuwa, don Shitu ba ya da nauyin kai. Amma da ta gama sai ya sake danna maɓallan ya kashe muryar.

Ya ce, "Wannan ta makafi ce. Ranar da ta yi magana a shago, ranar kowa zai koma sayen magani a Malumfashi."

Najiba ta ce, "Baba, ni da su yaya mun yi magana. Guba kake sayarwa, ba gishiri ba. Ranar da aka yi kuskure ɗaya, shagon nan a rufe shi, ka zauna gida mu riƙe ka."

"Ba za a yi ba."

"Allah ya sa. Kawu Maitama, kai ne shaida."

Na ce na ji.

Damina ɗaya babban rubutun ya ɗauke shi. A ta biyu na lura ya daina ɗaukar hoton kwalabe. Yakan kai wayar har kusa da hanci, ya juya ta, ya mayar aljihu. Na gane idon ya ƙara sauka, ko babban rubutun ya fi ƙarfinsa, musamman in akwai hasken rana. Ya koma gane kaya da launin murfi da inda ya jera su. Mai zaɓen masara murfinsa kore, mai kashe duka murfinsa ja. Ban ce masa komai ba. Ina ganin wannan shirun nawa ma laifi ne.

Ana gobe ranar da nake ba da labari, motar kaya ta sauke masa kwalaye daga wurin Alhaji Abdussamad, dilan da yake saro kaya a hannunsa a Funtuwa. Da yamma Alhajin ya kira shi, ina ji.

"Malam Shitu, kaya sun iso? Mun tura wa duk masu shaguna saƙo a Watsaf, ka gani?"

Shitu ya ce, "Na gani, Alhaji, na gani. Allah ya ƙara buɗi."

Na san bai gani ba.

Da safen nan mai kyau Ɗanasabe ya zo a kan keke. Mutum ne mai 'ya'ya bakwai da gona ɗaya tak, can hanyar rafi, masararsa ta kai gwiwa. Ya ce ya ɗauko Kamalu mai feshi, yana son mai zaɓe. Wanda ke kan kantar shago ya ƙare, sai Shitu ya yanka sabon kwali, ya ɗago kwalba ya ga kore a murfi, ya miƙa masa ya faɗi awon.

Ɗanasabe ya ce, "Shi ne dai na bara ko, Malam?"

"Shi ne."

Ya ɗaure a bayan keke ya tafi.

An yi kamar awa ɗaya. Benci ya cika. Ga Muhammad Awwal mai faci, wanda bakinsa ba ya hutawa, ga wasu manoma uku suna jiran abokin tafiya. Shitu yana ciki yana jera sauran kwalaben a kanta. Sai na ga hannunsa ya tsaya a kan ɗaya. Ya shafa wuyanta, ya shafa gindinta. Ya ɗauko tsohuwar kwalbar mai zaɓe da babu komai ciki, ya riƙe su hannu bibbiyu. Daga nan ya shige bayan buhunan taki, inda yake salla.

Na tashi a hankali na bi shi. Na tarar ya tsuguna, wayar a hannu.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Maitama, wannan kwalbar tana da gaɓa a kafaɗa. Waccan ba ta da ita."

"Wataƙila sun canza zubi."

"Wataƙila."

Ya danna maɓallan nan biyu ya riƙe. Muryar ta tashi, ya yi sauri ya rage ta. Ya dinga jan yatsa yana saurare, yana bugawa sau biyu, har ya shiga saƙon Alhaji. Ta fara karantawa. Hausar tata kamar mai magana da ɗanwake a baki, ni ban tsinci komai ba. Shitu ya manna wayar a kunne, ya sake taɓa saƙon ta maimaita. A karo na uku na ga leɓensa yana bin ta.

Ya miƙo mini wayar. "Duba da idonka. Kada ka taɓa, duba kawai."

Rubutun manya ne, farare a kan baƙi, har ni mai aji uku na haɗa su ba wuya. An rubuta cewa mai zaɓen masara ya ƙare sai Laraba. Kwalayen da aka kawo na mai kashe duka ne, na wani sabon kamfani, murfinsa kore kamar na wancan, a kula.

Na ce, "Haka ne, Shitu."

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya faɗe shi a hankali, kamar mai tsoron kada buhunan su ji.

Wannan magani ba ya nuna kansa ranar da aka fesa. Sai bayan kwana huɗu ko biyar masara ta fara yin rawaya, lokacin kuwa babu sauran dabara. Gonar Ɗanasabe tafiyar fiye da rabin awa ce a babur, bayan ruwan daren kuma hanyar rafi ta zama laka. Ɗanasabe ba ya riƙe waya. Sai dai Kamalu.

Na ce, "Kawo in kira shi."

Ni wayata mai maɓalli ce, kuma ba ni da lambar Kamalu. Na karɓi tasa na taɓa hoton kan waya, sai matar ta yi magana, ba abin da ya buɗe. Na sake taɓawa, ta sake magana. Na danna da ƙarfi.

"Ta lalace, Shitu."

"Ba ta lalace ba. Sau biyu ake bugawa. Ba ni."

Ya karɓa ya shiga jerin sunaye, ya ja da yatsu biyu yana saurare har ya kai kan masu farawa da ka. Na leƙa don in taimaka masa da ido. Kamalu uku ne a jere. Saboda girman rubutun, kowane suna ya yanke, ba a ganin abin da ke bayan Kamalu sai 'yan ɗigo. Idona bai da amfani a nan.

Na ce, "Uku ne, kuma duk iri ɗaya."

"Ita za ta faɗi cikonsu."

Ya taɓa na farko, ta ce Kamalu Direba. Ko ni na ji wannan. Ya ja dama, ta ce Kamalu Funtuwa. Ya sake ja, ta ce Kamalu Feshi. Ya buga sau biyu, ya nemo wurin kira, ya buga. Shiru. Sai wayar ta yi 'yar ƙara ta katse.

Shagon Shitu kwano ne sama da gefe, sabis ba ya shiga can ciki. Kowa a unguwar ya san in kana son kira sai ka fita gindin darbejiya. Nan kuwa bencin yake.

Ya tsaya a bakin buhunan. Na san abin da yake aunawa. In ya kashe muryar ya fita, cikin wannan rana ba shi ba, ko ni ba zan ga fuskar wayar da kyau ba. In ya fita da ita a kunne, ga Muhammad Awwal. Kuma duk abin da zai faɗa wa Kamalu, a kunnen mutane biyar zai faɗe shi, kafin azahar ya kai Funtuwa wurin Najiba.

Na ce, "Ko in samo mai babur?"

"Kafin ya kai sun gama rabin gona."

Bai ƙara minti ɗaya ba. Ya ƙara muryar har ƙarshe, don hanya da ƙarar babura, ya fita.

Da ya tsaya gindin bishiya ya taɓa wayar, matar ta ɗaga murya da Turanci. Hira ta tsaya.

Muhammad Awwal ya ce, "A'a, Malam Shitu, Baturiya ka ajiye a aljihu ba mu sha biki ba?"

Aka yi dariya. Shitu bai waiga ba. Yatsansa na tafiya, matar na faɗin sunaye. Kamalu Direba. Kamalu Funtuwa. Kamalu Feshi.

Ɗaya daga cikin manoman ya ce, "Irin wannan na taɓa gani a hannun wani makaho a tashar Funtuwa."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

Kiran ya shiga. Muna jin ƙararsa, ɗaya, biyu, har ya tsinke ba a ɗauka ba. Mai feshi in ya goya tanki, hannu ɗaya na kan famfo, ɗaya na kan sanda, wayar tana aljihu ko a rataye a bishiya. Shitu ya sake laluben wurin kira. Ya yi kuskure ya taɓa wani abu daban, matar ta faɗa masa, ya ja baya, ya samo, ya buga sau biyu. Ya sake tsinkewa.

Muhammad Awwal ya ajiye tayar da ke hannunsa. "Malam, lafiya?"

Shitu ya ce, "Na ba Ɗanasabe mai kashe duka a madadin mai zaɓe. Ban ga rubutun ba. Ba na ganin rubutu, shekara biyu ke nan."

Haka ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba, yatsansa bai bar wayar ba. Ɗaya daga cikin manoman ya miƙe ya tayar da babur ɗinsa ba tare da an ce masa ba, ya kama hanyar rafi.

A kira na uku aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Baba Shitu."

"Kamalu, kun fara?"

"Mun jira ganye ya bushe tukuna. Na gama tanki ɗaya, ga shi ina haɗa na biyu."

"Ajiye. Kada ka ƙara fesa ko ɗigo. Maganin nan mai kashe duka ne."

Sai muka ji yana kiran Ɗanasabe daga nesa.

Shitu ya ce, "Ka ji ni? Ka kafa sanda inda ka tsaya. Tankin nan ka wanke shi da sabulu sau uku kafin ka sa masa wani magani, kuma ba a bakin rafi ba. Ba ni Ɗanasabe."

Muryar Ɗanasabe ta zo. "Malam, na tambaye ka. Ka ce shi ne."

"Na ce. Ban duba ba, don ba na iya dubawa. Laifina ne, ba na Kamalu ba."

Wayar ta katse.

Shitu ya zauna a ƙarshen benci. Wayar tana hannunsa, duk lokacin da yatsansa ya goge ta sai matar ta ce wani abu. Bai kashe ta ba. Can Muhammad Awwal ya ce, ba da wasa ba, "To ai da ka faɗa, Malam. Mu da muke nan kullum." Shitu ya ce, "Da na faɗa."

Kafin azahar shi da kansa ya kira Najiba, da muryar ya nemo sunanta. Ya ce mata abin da suka yi alkawari a kansa ya faru. Ya sa na kulle shagon, ya ba ni makullin.

Bayan sati ɗaya muka je gonar. Kunya goma sha huɗu daga gefen gabas sun bushe ƙurmus, har inda Kamalu ya kafa sanda. Daga sandar zuwa ƙarshen gona masara tana tsaye kore shar. Shitu ya bi kunyoyin da suka mutu yana shafa karan da hannu. Ɗanasabe yana tsaye, ya gaishe shi kamar yadda ake gaida babba, amma bai dube shi ba. Da kaka Shitu ya aika masa masara daga tasa gonar. Ya karɓa.

Bayan zuwanmu gonar, Najiba ta zo da yayyenta biyu aka zauna a zaure, aka kira ni a matsayin shaida. Yayyen suka ce magana ta ƙare, an yi kuskuren. Najiba ta tambaye ni yadda abin ya faru, na faɗa mata tun daga kwalba mai gaɓa har gindin darbejiya.

Ta ce, "A gaban Awwal mai faci ya kunna ta?"

Na ce, "Har ƙarshen murya."

Ta juya ga ubanta. Sannan ta ce shagon zai buɗe, amma da sharaɗi. Muryar ba za a sake kashe ta ba. Duk saƙon Alhaji sai ya saurare shi a ranar, kuma ta roƙi Alhajin ya riƙa haɗawa da saƙon murya. Ba za a yanka sabon kwali ba sai an ɗauki hoton kwalbar an buɗa shi, mai ido ya karanta sunan baƙi bayan baƙi, Shitu ya faɗi ko wane iri ne. Mai idon kuwa ni ne. Duk kwalbar mai kashe duka a ɗaura mata roba a wuya kafin ta hau kanta, don hannu ya gane ta. Yayyen ba su so ba, amma suka haƙura.

Wasu manoma sun koma sayayya a Malumfashi, kamar yadda ya yi tsoro. Ɗanasabe bai taka shagon ba damina guda. Bana ya zo, ya karɓi kwalba, ya shafa wuyanta ya ji ba roba, sannan ya ɗaure a keke.

Yanzu Malam Shitu yana nan a shagonsa a Gozaki. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama yana ganin haske da inuwar mutum. Yana sa abin saurare a kunne ɗaya, ya bar ɗayan don masu saye. Ni kuma ina bencin, in kaya suka zo ya kira ni.